Ƙanina yana tsallake maganin HIV saboda kar ’yan gida su gani

Tambaya: Salam likita. Ƙanina yana da cuta mai karya garkuwar jiki, wata biyar kenan da aka ɗora shi a magani, ni kaɗai ya faɗa wa. In da mutane a ɗaki ba ya sha, wani lokacin kwana biyu uku. Yanzu sati uku yana tari da gumin dare, ga farin abu a harshensa. Mama ta matsa min in faɗa mata abin da ke damunsa. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikis salam ’yar uwa, Allah ya saka miki da wannan ɗawainiya. Bari in fara da tarin don shi ne ba ya jira. Ki kai shi asibitin da yake karɓar magani cikin satin nan, kar ku jira ranar da aka rubuta masa a kati. Mai wannan cutar in yana tari da gumin dare, ko zazzaɓi ko rama, tarin fuka muke fara zargi, za a karɓi majinarsa a gwada, a kuma duba CD4 ɗinsa, wato awon ƙarfin garkuwar jikinsa. In ya yi ƙasa da 200 garkuwar ta yi rauni sosai, to akwai ƙarin gwaji na wani nau’in sanƙarau da ke kama masu raunin garkuwa. Shi ya sa in ya fara ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko wuya ya sanƙare, ko ya rikice, ko dare ne ku tafi. Farin harshen kuma yana da magani mai sauƙi, amma in haɗiyar abinci tana masa zafi ki faɗa wa likita, alama ce abin ya gangara maƙogwaro.

In ya tabbata tarin fuka ne, maganinsa wata 6 ne kuma ana warkewa. Sai dai ga inda ake samun matsala: yawancin masu HIV yanzu magani mai suna TLD suke sha, ƙwaya ɗaya a rana, kuma rifamfisin da ke cikin maganin tarin fuka yana rage ƙarfin ɗaya daga cikin sinadaranta, wato dolutegirabir. Don haka ake ƙara wa mutum wata ƙwayar dolutegirabir mai miligiram 50 ya sha awa 12 bayan TLD. Ki tabbatar masu ba da maganin tarin sun san yana kan TLD, wannan ba wurin ɓoyewa ba ne. Seftirin ma in an ba shi ya ci gaba da sha kullum, mutane na raina shi wai ƙaramin magani ne alhali yana kare huhu da ciki daga cututtuka da dama.

Tsallaken nan kuwa ya dame ni gaskiya. Duk kwanan da aka tsallake ƙwayar cutar tana samun sarari ta hayayyafa, in abin ya yawaita har tana iya daina jin maganin. Amma ba faɗa za ki masa ba, ai ba mantuwa ba ce, tsoron idon mutane ne, to lokacin za a gyara. Ku zaɓi sa’ar da yake shi kaɗai, misali bayan sallar asuba ko in zai kwanta, ya sa ƙararrawa a waya. Kwalbar ta zauna a ɗakinki in ya fi masa sauƙi, a wuri mai sanyi, ba cikin mota ko kusa da murhu ba. In ya manta ya sha da zarar ya tuna, in lokacin na gaba ya kusa ya bari ya sha guda ɗaya kawai, kar ya haɗa biyu. In yana shan farin ruwan maganin olsa ko ƙwayar ƙarin jini, ya sha TLD awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu, don suna hana shi shiga jini. A wata na 6 za a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, in ta haura 1000 za a zauna da shi a kan shan magani na kamar wata 3 a sake awo. Ya faɗa musu gaskiyar kwanakin da ya tsallake, da ita za su yi aiki.

Batun Mama kuma, labarin nasa ne, amana ya ba ki. Ko mu ma’aikatan asibiti ba mu da ikon faɗa wa dangi sai da yardarsa, kuma Najeriya tana da dokar hana tsangwamar masu cutar tun 2014. Ba sai kin yi ƙarya ba, ki ce mata yana ganin likita kuma kina tare da shi, sauran bayani daga bakinsa zai fito. In tarin fuka ne dole ’yan gida su san wannan ɓangaren don a duba su, musamman yara, amma hakan bai tilasta a ambaci HIV ba. Cin abinci kwano ɗaya ko banɗaki ɗaya ba ya yaɗa ta, reza da burushi ne kawai kowa ya riƙe nasa. In yana da mata ko ana maganar aure, wannan kam haƙƙinta ne ta sani ta yi gwaji, ku nemi mai ba da shawara na asibitin ya zauna da shi su tsara yadda zai faɗa mata.