Hatimi ya hau kan lamba a takardar kai kaya

"Salam 'yan sito. An kawo mana kaya jiya, maigadi ya buga hatimi daidai kan adadin da ke jikin webil, direba kuma ya ɗora sa hannunsa a kai. Yanzu akanta ya ce ba zai shigar ba don lambar ba ta karantuwa. In sake rubuta ta da biro ne ko yaya?"

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, don girman Allah ajiye biron nan. Abin da ya kusa raba ni da aikina ke nan.

Ni nawa kayan siminti ne. Tirela ta ɗauko buhu 600, ta sauke wani kaso a wani wuri, ta kawo mana namu. Na tsaya a kan yara muka ƙirga 330 cif. Takarda ma 330 ta ce, amma hatimin bakin ƙofa ya sha tawada, gefensa ya zauna kan ukun tsakiya ya rufe mata baki, ta koma kamar takwas. Ni da ganin na gyara, na bi ukun da biro don ta fito. Bayan mako biyu masu kaya suka turo lissafi da 380, don hoton da aka tura musu na fotokwafi ne, baƙi da fari, inda hatimi da lamba suka zama abu ɗaya.

Manaja ya kira ni. Bai kira ni ofis ba, a tsakiyar sito ya tsaya, gaban leburorin da nake ba umarni, ya ɗaga takardar sama ya ce, "Malam, wa ya taɓa lambar nan?" Na ce ni ne. Ya ce to buhu hamsin suna ina? Shekara shida ina riƙe da makullin wurin, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba. Mutumin da na je sunan ɗansa! Ya karɓe makulli ya ba yaron da ni na koya wa cike kati. Kwana tara ina zuwa ina zama a benci kamar baƙo, a gida kuwa ban iya gaya wa maiɗakina ba sai a rana ta huɗu. Har yau in na tuna yadda ya riƙe takardar da yatsa biyu sai raina ya ɓaci.

Abin da ya wanke ni kwafin direba ne. Littafin webil mai kabon ne, farar takarda a sama, kwafi a ƙasa. Abin da aka danna da ƙarfi shi ke ratsawa: bugun injin mai allura da bakin biro. Hatimin roba tawada kawai yake ajiyewa a sama, ba ya sauka ƙasa. Da aka samo direban, kwafinsa 330 tas. To kai ka nemi naka direban yau, kafin takardar ta yi yawo a aljihun mota. Sai dai tunda sa hannu ya hau kan taka lambar, shi zai fito a kwafin, amma siririn layi ne, yawanci ana ganin lamba ta ƙarƙashinsa.

Ka duba layin nauyi ma. Buhu kilo 50 ne, 330 ya ba da kilo 16,500, da 380 ne da an ga 19,000. Wannan yana jikin takardata tun ranar farko, tsabar ruɗewa ta hana ni kallonsa, manajan kuma bai nema ba. In akwai farashi, raba jimilla da kuɗin guda ɗaya.

Kada ka tura fotokwafi. Ɗauki hoto mai kala da waya a hasken rana, tawadar hatimi yawanci shuɗiya ce, bugun lamba baƙi, in ka zuƙo hoton suna rabuwa. Juya takardar ka haska bayanta da tocila, wani lokaci shatin bugun yana nan. In kuwa firinta ce ta zamani ta fitar da kowane kwafi daban, ba shati ba kabon, sai ka kira masu kaya ka ba su lambar webil su turo abin da ke kwamfutarsu.

In an tabbatar, a fili gefe za ka rubuta adadin da kalmomi, "ɗari uku da talatin", kai da direba ku sa hannu da kwanan wata, ainihin lambar a bar ta yadda take. Tifes kuwa ko kusa.

Maigadin naku kada ka yi masa faɗa, ba wanda ya nuna masa. Namu yanzu na ja masa akwati da fensir a ƙasan takarda, kuma in an zuba wa kushin tawada sai ya fara bugawa sau biyu a tsohuwar jarida. Manajan dai ya mayar mini da makulli ta hannun masinja, ko sannu bai ce ba.