Tallar Google ko ta Facebook, da dubu talatin a wata?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon kayan kicin a Hotoro, nan Kano: kuloli, filas, setin tukwane da su faranti. Abin da zan iya warewa talla a wata bai wuce naira dubu talatin ba. Wasu sun ce in yi ta Google, wasu sun ce Facebook da Instagram. Wanne ya fi, ko raba kuɗin zan yi biyu?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa.

Kada ki raba. Dubu talatin ko a wuri ɗaya aka zuba ta da ƙyar take nuna wa mutum abin da ke aiki, balle an tsaga ta gida biyu. Ga irin kayanki kuma, ni dai Facebook da Instagram zan ce, tallar da in mutum ya taɓa za ta kai shi WhatsApp ɗinki kai tsaye. Amma bari in faɗa miki dalili, don ni kaina Google nake biya, kuma yana kawo min ciniki.

Batirin sola da inbata nake sayarwa. Ba wanda yake zaune yana shan shayi ya ga hoton batir ya ji ya shiga ransa. Sai batirin gidansa ya mutu, an kwana biyu cikin zafi, sannan ya ɗauki waya ya rubuta yana neman inda ake sayarwa a Kano. Wannan mutumin ya riga ya yanke shawarar saye, ni kawai tare masa hanya nake yi. Kula kuwa ba haka take ba. Mace tana da kuloli uku a gida, ba ta neman ta huɗu, sai ta ga wani seti mai kyau a bidiyo ana buɗe shi ana rufewa, ta tuna bikin ƙanwarta ya kusa. Kayanki kayan ido ne, gani ke jawo sha'awarsu. Tallar Google ba ta sa wa mutum sha'awa, wanda ya zo da buƙatarsa take tarba.

To ko da a ce ana neman kayanki a Google, ga lissafin. Daga dubu talatin ɗin sai an cire harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kuɗin talla a Najeriya, ya rage kamar 27,900. A Google duk taɓawa ɗaya ake cire kuɗi, ko mai taɓawar ya saya ko bai saya ba. Mu ƙaddara taɓawa ɗaya ta kama naira 150, misali ne kawai, tana iya fin haka ko ta gaza. Kin ga mutum 186 ke nan a wata, kamar shida a rana. In cikin kowane talatin mutum ɗaya ya saya, kin yi ciniki shida. Ribar setin kula nawa ce? In dubu uku ce, kin samu dubu goma sha takwas, kin kashe talatin. Ni kuwa da wannan lissafin, ko batir biyu na sayar kuɗina ya fito, saboda ribar guda ɗaya tana da kauri. Shi ya sa kafin ki saka ko sisi, fara rubuta ribar da kike samu a kan ciniki ɗaya. Ita ce iyakar abin da za ki iya biya don samun mai saye ɗaya.

Akwai kuma abin da masu ba da shawarar Google ba sa faɗa. In kika ɗauki kayan da ake nema da suna, kamar na'urar markaɗe ko risho mai gas, manyan shagunan intanet za ki tarar a gabanki, masu shafin saye da hotuna da farashi. Ke in ba ki da shafi, ina za ki kai wanda ya taɓa? Sannan Hausa ba ta cikin harsunan da Google Ads ya amince a rubuta talla da su, dole da Turanci za ki yi. A Facebook kuwa bidiyo za ki ɗauka da muryarki, ki yi bayani kamar yadda kike yi wa wadda ta shigo shago.

Ba sai kin yarda da ni ba, kina iya gwadawa kyauta. Cikin Google Ads akwai Keyword Planner. Rubuta sunan kayanki, ki zaɓi Kano kaɗai, ki ga mutum nawa ke nema a wata. In adadin ya fito ɗan mitsitsi, amsar ta fito. Kalmar da ba a nemanta sosai ma, in kika saka ta za ki ga an rubuta mata Low search volume, tallar ba za ta fita a kan wannan kalmar ba sam.

Yanzu yadda zan kashe kuɗin in ni ne ke. Ƙanwata tana sayar da abaya da mayafai daga gida, ni nake saita mata, kuma abin da muka koya a kanta ya fi kusa da naki.

Farkon kuskurenmu shi ne danna maɓallin Boost post, wanda ake biya don a yaɗa abin da aka ɗora, ba tare da duba abin da muka ce muna so ba. Mun samu masu danna alamar so rututu, da masu rubuta "Masha Allah", ba wanda ya tambayi kuɗi. Laifinmu ne. Na'urar Facebook abin da kika roƙa take kawo miki: in kin ce kina son masu yabawa, za ta nemo mutanen da ɗabi'arsu yabawa ce. Don haka ki shiga Ads Manager, wurin saita talla na Facebook, ki zaɓi Engagement, wurin da sakamako zai faɗa kuma ki zaɓi saƙo ta WhatsApp. Sai kin haɗa lambar WhatsApp Business da shafinki na Facebook tukuna. In iPhone gare ki, kada ki biya daga cikin manhajar Instagram ko Facebook, akwai ƙarin kashi 30 cikin ɗari na Apple. Buɗe ta burauza ki biya a can.

Na biyu, kada ki shimfiɗa kuɗin a kan kwana talatin. Naira ɗari tara a rana tana kawo saƙo biyu ko uku, wata rana babu, har wata ya ƙare ba ki gane bidiyon ne bai yi ba ko kuɗin ne ya yi kaɗan. Gara dubu biyu a rana na sati biyu, sauran sati biyun ki huta kina bin waɗanda suka yi magana ba su saya ba. Mu daga wajen 25 ga wata muke kunnawa zuwa satin farko na sabon wata, lokacin da albashi ke hannu. Ke kuma kina da lokutanki: gab da azumi, da bayan salla da ake ta bukukuwa.

Wuri kuma ki matse shi. Ki dasa alama a kan shagonki, ki ba da zagayen kilomita takwas zuwa goma, iyakar inda ɗan saƙonki zai kai kaya da kuɗin mota mai sauƙi. Kada ki zaɓi Najeriya gaba ɗaya don kin ga adadin mutanen ya yi yawa. Saƙo daga Fatakwal kuɗi ya ci kamar na Tarauni, kuma da wuya ya zama ciniki in aka faɗi kuɗin aike. Mata, daga shekara 24 zuwa 50, ya isa. Ba sai kin cika jerin abubuwan sha'awa ba, zagayen ya riga ya yi ƙanƙanta.

Abin da ya fi canza mana lissafi shi ne rubuta farashi a jikin tallar. Ƙanwata ta ƙi da farko, wai masu irin kayanta za su gani. Su ai sun riga sun sani. Kafin mu saka farashi, wayarta ba ta hutawa, kowa "nawa?", ta faɗa, shiru. Kowane "nawa?" ɗin nan kuɗi aka cire mana a kansa. Da muka saka, saƙonni suka ragu, kuɗin kowane saƙo ya ɗan hau, amma masu zuwa sun riga sun ga kuɗin sun yarda. Wani zagaye da na rubuta a littafi: dubu ashirin cikin kwana goma, saƙo 80, wato naira 250 kowanne, mutum tara suka saya. Kowace mai saye ta tsaya mana a kan kusan 2,200, ribar abaya ɗaya kuma wajen dubu huɗu. An ci riba, ba mai yawa ba. Inda ta fi fitowa shi ne daga baya, don waɗannan taran da wasu daga cikin sauran sun ajiye lambarta, suna ganin kayan da take ɗorawa a WhatsApp kullum ba tare da an sake biyan ko kwabo ba.

Ki lura, wancan lissafin na ƙarshe Facebook ba zai yi miki shi ba. Shi iyakarsa ya nuna miki kuɗin kowace hira da aka fara. Wa ya saya, ke kaɗai kika sani. Littafi da biro: ranar, saƙo nawa, ciniki nawa, ribar nawa. In kuɗin samun mai saye ɗaya ya haura ribarki zagaye biyu a jere, matsalar ba ta saiti ba ce yawanci, kayan da kika zaɓa ne ko farashinsa. Ki zaɓi kaya ɗaya mai riba mai ɗan kauri, kamar setin tukwane ko haɗin kayan amarya, kada ki tallata cokali.

Bidiyo biyu sun isa, gajeru, da hasken rana, kayan a hannu ana juya su. Ki kunna ki ƙyale su kwana huɗu ko biyar. Na san hannu yana ƙaiƙayi, amma duk babban gyara yana mayar da tallar matakin koyo daga farko, wato lokacin da na'urar ke laluben waɗanda ya dace ta nuna wa, kuma da kuɗi kaɗan dama ba ta cika fita daga matakin ba. Bayan nan ki kashe wanda saƙonsa ya fi tsada. Ki riƙa duba Frequency, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallar. A ƙaramin yanki yana hawa da wuri. In ya wuce uku kuma saƙo ya fara tsada, idanu sun gaji, sabon bidiyo ake so ba ƙarin kuɗi ba. Kuma kada ki kunna a ranakun da ba za ki iya riƙe waya ba. Wadda ta yi magana da azahar aka amsa mata bayan isha'i ta riga ta manta, ko ta saya a wani wuri.

Google kuma ba cewa na yi ki watsar da shi ba, ɓangarensa na kyauta za ki ɗauka. Ki buɗe Google Business Profile, ki saka sunan shago, unguwa, lamba, lokacin buɗewa da hotuna, ki roƙi kwastomomin da kika saba da su su rubuta ra'ayinsu. Mai neman shagon kayan kicin kusa da shi zai iya ganinki a taswira ba ki biya komai ba.

In wata rana kika fara kawo kaya masu tsada da ake nema da suna, to a nan tallar Google za ta shigo, kuma ki guji ramin da na faɗa. Watana na farko na bar kalmomin da nake biyan talla a kansu a buɗe, sai da na duba Search terms, jerin abin da mutane suka rubuta kafin su ga tallar, na tarar kuɗina ya tafi kan masu neman aikin sola, da masu son koyon gyaran batir, da wasu da ba a Kano suke ba. Na koma phrase match, mai taƙaita tallar ga binciken da ke ɗauke da ma'anar kalmomina, na zuba irin waɗancan kalmomin cikin negative keywords, jerin kalmomin da ba na son tallar ta fito a kansu, a saitin wuri na zaɓi Presence don waɗanda ke cikin garin kaɗai su gani, na kuma cire alamar Display Network mai kai talla wasu shafuka da manhajoji. Daga nan ne wayata ta fara ƙara da masu tambayar batir mai amfiya nawa nake da shi a ƙasa.