Kawu, ga dalilin da ya sa mu nan ba ma ajiye wannan ƙwaya dare ɗaya

Kawu, barka da war haka. Kun tambaye ni me ya sa hankalina ya tashi da kuka ce za ku ajiye atenolol, maganinku na zuciya da hawan jini, saboda kasala, kuma me ya sa mu da muka daɗe a ƙasar waje ba mu da aiki sai riƙe tsintsiyar hannu muna kallon agogo. Wani dattijo ne a cikinmu ya koya mana wannan, kuma da jikinsa ya koya mana.

Likita ya ɗora shi a kan atenolol, miligiram 50 kullum, saboda hawan jini da ciwon ƙirji da ke kama shi in ya yi tafiya. Ya shekara biyu yana sha. Wata rana ya ƙirga bugun zuciyarsa ya samu 54 a minti, ga nauyin jiki, sai ya yanke cewa ƙwayar ce ke kashe masa zuciya. Ya jefa kwalin a aljihun tebur bai gaya wa kowa ba. A kwana na uku na same shi zaune a tsakiyar matakalar bene, gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa dafe da ƙirji. Na ƙirga bugun: 118. Sai da ya kwana a asibiti aka mayar da shi kan maganin.

Ga abin da ya faru a cikinsa. Wannan ƙwaya tana cikin dangin da ake kira beta-buloka, waɗanda sunayensu kan ƙare da "lol". Aikinsu toshe wa zuciya kunne don kada ta riƙa jin kiran adirenalin, sinadarin da ke sa ta gudu. To zuciyar da aka toshe wa kunne wata da watanni sai ta ƙara yawan kunnuwan, ko za ta ji. Muddin ana shan maganin, babu komai. Ranar da aka cire toshiyar gaba ɗaya, ƙaramin kira sai ya zame mata tsawa: bugu ya yi sauri, jini ya hau, zuciya ta nemi iskar da hanyoyin jininta ba za su iya kawowa ba. Ga mai ƙuntatattun hanyoyin jinin zuciya, abin na iya kai wa ga toshewarsu ko rikicewar bugu, har a rasa rai. Shi ya sa in za a daina, likita ne ke ragewa kaɗan-kaɗan, cikin mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, yana duba bugun da jinin.

Abin da ya fi damuna shi ne 54 ɗin da ya firgita shi ba ciwo ba ne. Babban mutum a hutawa bugunsa kan kasance tsakanin 60 da 100, amma ga mai shan wannan magani, hamsin da wani abu alama ce ta cewa yana aiki, in dai mutum na jin garau. Don haka muke ƙirgawa: a zauna minti biyar, a ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga minti guda cur, a rubuta. In ya sauka ƙasa da 50, a kira likita ranar, kafin a sha na gaba. In kuwa akwai jiri, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, asibiti ne nan take, ko nawa lissafin ya nuna.

Kasalar taku kuma gaskiya ce, ban raina ta ba. Maganin na hana zuciya ƙara gudu in an hau tudu, ƙafafu su yi nauyi, hannuwa su yi sanyi. Yawanci a makonnin farko ne, sai ta lafa. Amma ku da kuka daɗe kuna sha, sabuwar kasala tana buƙatar bincike. Ƙoda ce ke fitar da atenolol, in ta yi rauni sai ya taru a jiki ya rage bugun fiye da kima. Ƙarancin jini ma na kawo kasala, kuma in ƙafafu na kumbura, zuciyar ce ke neman a duba ta. Ku tafi da dukkan kwalayen magungunanku, domin wasu magungunan hawan jini irin su diltiyazem da berafamil su ma suna rage bugu in an haɗa.

Shi dattijon, daga baya likita ya rage masa zuwa miligiram 25, kasalar ta yi sauƙi. Tun daga nan muke karɓo sabon kwali tun da sauran na mako guda, kuma wanda ya manta bai sha ba, ba ya ninka na gaba. Kawu, ku ƙirga gobe da safe da jibi ku turo mini, ku ci gaba da sha har ku ga likitanku.