Farin san da ke cikin hoton nan, Bokolo ne ko Bunaji?

"Kawu barka da yamma. Ga hoton wani sa da dillali ya turo min daga kara, ya ce Bokolo ne tsantsa, ni kuma na turka nake nema in sayar da babbar sallah. Wai ku da can ta yaya kuke gane irin sa da ido kawai? Ni dai fari na gani da gajeren ƙaho."

Barka kadai ɗana. Na buɗe hoton na ja shi ya girma, na kalle shi sosai, kuma tun kafin mu yi nisa in gaya maka, wannan ba Bokolo tsantsa ba ne. Amma bari in bi da kai yadda na bi, don gobe kar sai ka jira ni.

Abin da ya fara ruɗa ka launi ne, kuma shi ne abu na ƙarshe da mu muke dubawa. Fari ai ba na mutum ɗaya ba ne, Bunaji fari ne, Bokolo ma fari ne, har Kuri na bakin tafkin Chadi akasarinsu farare ne. Sai dai farin kowa daban. Na Bunaji fari ne tas amma fatar da ke ƙarƙashin gashin baƙa ce, shi ya sa zaka ga bakin hancinsa baƙi, gefen ido baƙi, cikin kunne baƙi, haka gashin ƙarshen wutsiya da kofato. Na Bokolo kuma ba ya kaiwa tas ɗin nan, yana ɗan ja zuwa ruwan madara ko ruwan toka, bijimin ma sau da yawa wuyansa da kafaɗa sun fi sauran jikin duhu. To hoton waya da aka ɗauka da tsakar rana duk wannan bambancin yana wanke shi, ƙura ma ta kara tana nata, don haka launi a hoto shaida ce mai rauni.

Ni kunne na fara dubawa. Bokolo, wanda 'yan boko ke kira Gudalin Sakkwato, kunnuwansa manya ne kuma a sake suke, suna ɗan faɗowa ƙasa. Na wannan san naka a miƙe suke gefe, matsakaita, ga baƙi ya zagaye bakinsu. Kunnen Bunaji kenan.

Daga nan sai na sauko wuya. Wannan fatar da ke reto daga haɓa zuwa ƙirji, a jikin Bokolo abin kallo ce, tana farawa tun daga ƙarƙashin haɓa ta yi ninki-ninki ta sauko har tsakanin ƙafafun gaba, fatar cibiya ma da ta mazakutarsa tana lilo sosai a ƙarƙashin ciki, gaba ɗaya dai kamar wanda aka ɗinka wa rigar da ta fi shi girma. Ga shi da jiki a cure, ƙirji mai faɗi da zurfi, ƙafafu ba su cika tsawo ba idan ka gwada da kaurin jikin. Yanzu koma kan hoton ka duba tazarar da ke tsakanin cikinsa da ƙasa, akwai fili sosai, ƙafafu dogaye ne, cinya ba ta cika ba. Fatar wuyan kam ta ɗan fi ta Bunajin da na saba gani yawa, wannan na yarda, shi ya sa nake zaton akwai jinin Bokolo a ciki ta wajen uwa ko uba, amma ba ta kai ta tsantsa ba ko kusa.

Sai ƙaho, inda dillalin ya kafa hujjarsa. Gaskiya ne Bokolo gajeren ƙaho gare shi, wani ma ɗan toho ne kawai, wani kamar babu. Amma gajarta iri biyu ce, akwai ta iri akwai ta ƙuruciya. Ƙahon Bokolo ko ya tsufa yana nan guntu, yana fita gefe ya tsaya. Na Bunaji yana fita gefe sannan ya lanƙwaso ya nufi sama, kuma tun yana ƙarami zaka ga alamar inda ya dosa. Na wannan ya riga ya fara juyowa sama, bakinsa da tsini, sumul. Nan da shekara biyu ba wanda zai kira shi gajere. Akwai kuma masu yanke ƙaho ko su ƙona shi tun sa na maraƙi, irin wannan zaka ga kan ƙahon a daƙushe ko biyun ba su yi daidai ba, a nan dai ban ga haka ba.

Tozo kuma kar ka ba shi amanar da ta wuce kima. Babban aikinsa shi ne raba maka masu tozo da marasa shi. In ka ga sa babba mai ƙaho kumburarre daga gindi kuma gadon bayansa a shafe, Kuri ne. In ɗan guntu ne baƙi ko baƙi da fari ba tozo, Muturu ne na kudu, wanda ke jure ƙudan tsando. Amma tsakanin masu tozon, girmansa ya fi ba ka labarin ci da jinsi fiye da iri. Na bijimi ya fi na saniya, wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami nasa ba ya tashi sosai, kuma sa guda ɗin nan da kaka tozonsa a tsaye cike, da bazara ta matse shi sai ya zube ya kwanta gefe. Tozon naka tsaye yake amma bai cika ba, wato ba a turke shi ba, daga kiwo aka kawo shi.

Jajayen su ma haka ake bin su, tunda zaka haɗu da su a Maigatari ko Illela. Rahaji, na Bororo, ja ne mai duhu, dogo ƙwarai, ƙahonsa na iya kai mita 1 ko ya wuce, ga tsoro da rashin son ɗauri, ban ba ka shawarar turka shi a cikin gida ba. Azawak na wajen Tawa shi ma ja ne ko ja-ja mai haske amma ƙahonsa gajere, jiki matsakaici, matan an san su da nono. Wadara na Shuwa a Borno ja mai duhu ne ko baƙi, gajeren ƙaho da ɗan ƙaramin tozo. Kaga nan ma ja bai raba su ba, ƙaho da tsawon ƙafa suka raba.

Kuma kar ka ji na ce gauraye ka ɗauka aibi ne. Garke na haɗuwa a mashaya da burtali, yawancin shanun da ke kara yau haka suke, kuma Bunaji na karɓar turka lafiya lau in ya samu dusa da harawa da ƙowa. Abin da ban yarda ba shi ne ka biya kuɗin Bokolo a kansa, don Bokolo ya fi saurin cika ido kuma ya fi sanyin hali, kuɗinsa daban ne.

Ka ce ya sake ɗaukar maka hoto da safe ko da la'asar, a tsaye daidai gefen san, ba a tsugune ba, don ɗauka daga ƙasa na ƙara wa sa ƙirji da tsawo. Ɗaya ta gefe har kofato, ɗaya ta gaba a ga kunne da gindin ƙaho, ɗaya ta baya a ga cinya, mutum kuma ya tsaya kusa da shi don a gwada tsawo. Sannan ya buɗe bakinsa ya ɗauki haƙoran ƙasa. In manyan haƙora biyu ne kawai a tsakiya sauran ƙanana, bai wuce shekara biyu da wani abu ba, abincin da zaka ba shi ƙashi da tsawo zai fara ginawa kafin nama, kuma watannin da suka rage zuwa sallah ba za su ishe ka ba. Mai huɗu ko shida zaka nema. Ka turo min su in gani kafin ka tura ko sisi.