Ware lokacin duba saƙo ba tare da kwastoma sun gudu ba

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗinki nake yi, oda duk ta WhatsApp take shigowa, ga wata makaranta da nake wa yunifom tana turo imel. Wuni nake da waya a hannu, ɗinki ba ya tafiya. In na ware lokacin duba saƙo, kwastoma ba za su gudu ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni atamfa da leshi nake sayarwa, daga Kano nake aikawa garuruwa ta motar tasha, kuma na jima a kan wannan tsari. Tsohon kwastoma ba ya gudu matuƙar ya san lokacin da zai ji ki. Mai gudu shi ne sabon da ya ga kaya a status ya tambayi kuɗi, don a daidai lokacin ya tambayi wasu ma. Shi ya sa ba na ɗora sabon kaya sai a farkon lokacin da na ware, in zauna in amsa masu tambaya da zafinsu.

Kada ki fara da zaɓen ƙarfe nawa. Duba abin da ke da wa'adi a aikinki tukuna. Ni nawa shi ne kaya su isa tasha kafin la'asar, don haka zaman da ya fi nauyi shi ne na bayan azahar. A nan nake buɗe manhajar banki in ga kuɗi sun shiga da idona, ba hoton rasit da aka turo ba, in rubuta gari da lambar mai karɓa a jikin kowace leda, yaro ya ɗauka. Wanda ya biya bayan ƙarfe 2:30, kayansa sai gobe, kuma kowa ya san haka. Sauran zama biyun, na safe bayan yara sun tafi makaranta da na bayan isha'i, kowanne bai wuce rabin awa ba. Ke kuwa lokacin yanka da lokacin da aka kawo wuta su za ki tsare. Almakashi a kan shaddar mutane ba ya son rabin hankali.

Abin da ke riƙe tsarin shi ne a bar wa gaggawa ƙofarta daban. Direba ya isa tasha bai ga mai karɓar kaya ba, wannan ba maganar jira ba ce, sai kira. A WhatsApp Business ki shiga Business tools, ki kunna Away message, wato saƙon da ke tafiya da kansa ga wanda ya turo miki saƙo. Nawa cewa yake: "Sannu da zuwa. Ina amsa saƙo ƙarfe 8:30 na safe, 2 na rana da 8:30 na dare. In gaggawa ce a kira layina kai tsaye." Amma kada ki kashe data don ki huta, domin saƙon ba ya fita sai wayar tana kan intanet. Sanarwar manhajar za ki kashe daga Settings na wayar, ki bar kiran layi yana shigowa. Guruf-guruf na dangi da na biki kuma a yi musu Mute, a zaɓi Always.

Inda tsarin ya fi lalacewa shi ne leƙe. Ki ce bari in ga ko waye, ki buɗe, alamar shuɗi ta fito, ba ki amsa ba. Hajiya ta ga an karanta an yi shiru, ta ɗauka wulaƙanci ne, ke kuma maganar ta tsaya miki a rai kina kan keke. Saƙon da ba za ki amsa ba, kada ki buɗe shi. In lokaci ya yi, fara da masu biyan kuɗi, sai masu turo awo da samfurin ɗinki, gaisuwa da barka da Juma'a su zo ƙarshe. Lambar asusun banki da kuɗin ɗinki ki ajiye su a Quick replies, da kin danna / sai su fito.

Ki lura da irin kiran da ke shigowa a makon farko. In ana kiranki don a ji kuɗin ɗinkin doguwar riga, to farashi ne ba ki sa inda za a gani ba. In kiran "an gama nawa?" ne, ki riƙa rigansu: a zaman dare ki tura wa kowa ranar karɓarsa.

Imel na makarantar sau ɗaya ya isa, da safe, tunda ofis ne kuma da rana suke aiki. Ki dai nemi ma'ajinsu ya kira ki in an canja adadi ko launi kafin ki sayo yadi.

Goman ƙarshe na azumi ni kaina ina ƙara zama ɗaya bayan la'asar, don kasuwar Sallah ba ta jira. Ke da ɗinki ya fi yi wa yawa a lokacin, gara ki ba wata ƙanwarki wayar ta riƙa amsa masu tambayar ranar karɓa, ki rubuta mata sunaye da ranaku a littafi.