Kawu, ga dalilin da ya sa Sallarmu ke kwana bayan taku

Kawu ina wuni, ya iyali da mutanen Tawa? Na ji saƙonku, kun ce yaya za a yi mu da rana ke fara hitowa garinmu, mu ne kuma kullum na ƙarshe wajen Salla, ko sakaci ne ya kama mu a ƙasar Turawa. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai, don shekaruna na farko nan Oklan ta ƙasar Niyu Zilan ni ma hakan ya dame ni ƙwarai.

Akwai wani layi da anka shata a taswira, ya ratsa tekun Fasifik daga arewa zuwa kudu wajen digiri 180, nan ne kwanan wata ke canzawa. Mu Niyu Zilan muna dab da shi ta yamma, shi ya sa Talatarmu ke riga ta kusan kowa shigowa, wanda ke ɗaya gefen kamar Hawai shi ko Litinin yake. Mutane ne sunka tsara shi kuma ƙasa na iya kauda shi. Samowa ta yi haka a 2011, sunka kwanta Alhamis 29 ga Disamba sunka tashi Asabar 31, Jumma'ar nan babu ita sam a kalandarsu. Maƙwabtansu na Samowar Amurka ba su bi su ba, yanzu awa 24 cur ke tsakaninsu alhali tahiyar kamar rabin awa ce a jirgin sama.

To shi jinjirin wata bai san da layin nan ba. Bayan an haife shi yana nisanta da rana kamar rabin digiri kowace awa, ke nan duk wanda magaribarshi ta zo daga baya ya fi samun damar ganinshi, mu ko tamu ce ke fara zuwa.

Bari in yi muku lissahi da misali. A ce ranar Litinin ce 29 ga azumi, tsakiyar Afrilu, lokacin muna gabanku da awa 11 (daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Afrilu 12 ce, don ana tura agogo gaba nan). Rana ta faɗi mana wajen ƙarfe 6, ku lokacin 7 na sahe ne a Tawa. A ce watan awa 8 ke gare shi da haihuwa, ba idon da zai gan shi, sai mu cika talatin. Ku sai bayan kusan awa 12 za ku yi magariba, ya kai awa 20, ya ƙara nisa da rana kamar digiri 6, in sama ta yi garau ana iya ganinshi, sai a yi sanarwa daga Yamai gobe Talata Salla. Sa'ad da ƴaƴanku za su kira ni su ce an ga wata, ƙarfe 8 na darenku, mu 7 na sahen Talata ne, mun yi sahur tun ɗazu mun ɗauki azumi, wasu ma sun kama hanyar aiki. To a haka ya za mu bi ganin gida?

Amma Kawu ku duba tazarar da kyau. Kun yi idi Talata ƙarfe 9 na sahe, mu mun yi Laraba ƙarfe 8, wanda a agogonku 9 na daren Talatar nan ne, ko kwanonin Salla ba a gama wankewa ba. Awa 12 ce kawai tsakani. Na Honolulu ta Hawai da sunka yi idi 8 na sahen Talatarsu, awa 2 kacal sunka riga mu, amma takarda ta ce su Talata mu Laraba. Aikin layin ke nan, sunan ranar ya bambanta alhali kusan hantsi guda ne.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa, muna bin sanarwar FIANZ, ƙungiyar musulmin ƙasar, mu yi sahu da ƴan Somaliya da ƴan Fiji da sauransu. Akwai masu bin Saudiyya, ban ga laihinsu ba, sai dai ni na fi natsuwa da bin jama'ar inda nike. Wahalar ita ce neman hutu wurin aiki, tunda nan Salla ba ranar hutu ba ce kuma sai daren ake sanin ranar, shi ya sa nike roƙon kwana biyu tun da wuri. Taron cin tuwo da yara su sa sabbin kaya kuwa sai Asabar ta zagayo muke yi.

Don haka in kun kira ni bayan kun sauko idi kunka ji na ce ɗazu na sha ruwa, kada ranku ya ɓaci, ku yi mini barka da Salla hakanan zan amsa. A gaida Inna, a ce mata kilishin da ta so aikowa ta bar shi, ma'aikatan filin jirgin nan ba su barin irin naman nan ya shigo.