Na rubuta wa kamfani da Hausa, amsa ta zo da Faransanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato, ina sayen kayan sola ta intanet. Sau uku ina rubuta wa wani kamfani ƙorafi da Hausa ta shafinsu na taimako. Biyu na farko amsa ta zo da Faransanci nan take, na uku kuma ta zo da Turanci bayan kwana biyu. Wayata daga Ƙonni ta Nijar na saye ta, amma tuni an mayar min da ita Turanci. Me ke jawo haka, kuma yaya zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da yawancinmu muke ɗauka shi ne wanda ya karɓi wasiƙa yakan duba harshen da aka rubuta ta da shi ya mayar da amsa da irinsa, domin haka ake yi tsakanin mutum da mutum. A shafukan kamfanoni kuwa, sau da yawa ana zaɓen harshen amsa tun kafin wani ya karanta ko kalma ɗaya daga saƙonka. Akwai wata alama da ke tafiya tare da saƙon, wadda ba ka ganinta, tana gaya wa kwamfutar kamfanin cewa wannan mutumin mai jin harshe kaza ne, kuma wannan alamar ake bi.

Lokacin da amsoshin suka ɗauka kafin su iso ya riga ya nuna mana abu mai yawa. Amsar da ta zo cikin daƙiƙoƙi ko minti ɗaya ba mutum ne ya rubuta ta ba. Rubutacciyar takarda ce da kamfani ya ajiye a harsuna da dama, wadda ke cewa an karɓi saƙonka ga lambar ƙorafinka, na'ura kuma tana ɗauko wadda ta dace da alamar da ke jikin asusunka. Idan kana son tabbatarwa, ka buɗe wasiƙar a Gmail ta kwamfuta, ka danna ɗigogin nan uku da ke gefen dama, ka zaɓi Show original. A cikin rubutun da zai bayyana, sau da yawa za ka tarar da layi irin wannan:

```
Auto-Submitted: auto-replied
```

Ba kowane kamfani ke sa wannan layin ba, amma in dai ka gan shi, to babu shakka na'ura ce ta amsa. Amsa ta uku da ta kwana biyu ita ce mai kama da ta mutum: wani ma'aikaci ya buɗe saƙonka, ya ga harshen da bai sani ba, mai yiwuwa ya sa a manhajar fassara ya fahimci buƙatarka, sannan ya amsa da Turanci domin ya ga adireshinka na Najeriya ne. Saboda haka matsaloli biyu ne kake fama da su, kuma maganinsu daban ne.

Mu fara da ta Faransancin, domin ita ce ke hannunka. Duk lokacin da ka buɗe wani shafi, burauzarka, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, tana aika jerin harsunan da aka saita mata, bisa tsarin wanda aka fi so. Wayar da aka saita a Nijar tana iya aika abu kamar haka:

```
Accept-Language: fr-FR,fr;q=0.9,en;q=0.8
```

Ma'anarsa ita ce a ba ni Faransanci, idan babu sai a ba ni Turanci. Lambar da ke bayan `q` tana nuna nauyin kowane harshe, daga 0 zuwa 1, wanda ba a sa masa lamba ba kuwa ana ɗaukarsa a matsayin 1, wato shi ne kan gaba. Za ka ce ai an riga an mayar da wayar Turanci. Gaskiya ne, amma ga inda gizo ke saƙar: kamfanoni da yawa suna karanta wannan jerin ne sau ɗaya, ranar da aka buɗe asusu, su rubuta harshen a cikin bayananka tare da sunanka da lambarka, daga nan kuma ba su sake tambayar wayar ba. Idan an buɗe asusun tun wayar tana Faransanci, ko wani ɗan'uwa ne a Ƙonni ya buɗe maka da tasa wayar, ko an fara rajista da lamba mai +227 kafin a sa mai +234, to asusun zai ci gaba da zama na mai jin Faransanci ko da ka sauya waya sau goma.

Na ga irin wannan da idona wajen wani ƙanen mahaifiyata mai sayar da fata. Ya shafe watanni yana karɓar rasit da sanarwa da Faransanci daga wani kamfanin jigilar kaya, har ya saba kai wayar wa wani yaro da ya yi karatu a Maraɗi ya karanta masa. Da na karɓi wayar, na fara duba saitinta na ga Turanci ne kaɗai a jeri. Na buɗe Chrome na shiga Settings, sannan Languages, nan ma Turanci ne a sama, Faransanci yana ƙasa. Sai da muka shiga asusunsa a shafin kamfanin, can ƙarƙashin bayanan mai asusu, muka tarar da wani ɗan akwati da aka rubuta Langue: Français, a kusa da shi kuma ƙasa an sa Niger. Da na tambaye shi sai ya tuna cewa ɗansa ne ya buɗe masa asusun shekarun baya, suna zaune a shagon wani abokin cinikinsa a hayin iyaka. Muka mayar da harshen English, ƙasar kuma Nigeria, muka danna maɓallin ajiyewa, muka aika saƙon gwaji. Kafin mu gama shan ruwan da aka kawo mana amsa ta shigo da Turanci.

Don haka, Malam, ka fara daga asusunka na kamfanin. Ka nemi inda aka rubuta Language ko Langue, ka kuma duba Country ko Region, domin wasu shafukan daga ƙasa suke yanke harshe, kuma wanda aka rubuta masa Nijar Faransanci za a ba shi. Ka lura cewa a wasu shafukan harshen da shafin ke nunawa daban yake da harshen da ake aiko wasiƙu da shi, kowane da nasa akwatin. Mutum yakan sauya na farkon ya ga shafin ya koma Turanci ya ɗauka an gama, alhali na biyun yana nan yadda yake. Bayan wannan sai ka gyara tushen, don kada asusun da za ka buɗe nan gaba ya gaji matsalar. A yawancin wayoyin Android hanyar ita ce Settings, System, Languages, a na Samsung kuwa General management sannan Language. Tun daga Android 7 na shekarar 2016 waya tana riƙe jerin harsuna fiye da ɗaya, don haka bai isa a sa Turanci a sama ba idan ba ka buƙatar Faransancin, gara ka cire shi gaba ɗaya. Daga Android 13 na 2022 kuma manhajar da ta tanadi hakan tana iya samun nata harshen a App languages, to ka leƙa can ma idan ta manhajar kamfanin kake rubutu. Asusun Google yana da nasa saitin a `myaccount.google.com/language`.

Akwai wani abu da ya shafe mu mutanen wannan yanki musamman. Idan kana Illela ko kusa da iyaka, kana iya yin amfani da layin Nijar, ko intanet ɗin wani mai layin can, shafin kuma ya ɗauka daga Nijar kake. Haka ma mai amfani da VPN, wanda ke iya bayyana kamar yana Faransa ko Jamus. Kada ka buɗe sabon asusu a irin wannan hali.

Yanzu ga matsala ta biyu, ta rashin samun amsa da Hausa, wadda ba na son in ba ka fatan da ba zai cika ba game da ita. Hausa tana da lambarta a wannan tsari, `ha`, ta Najeriya `ha-NG`, ta Nijar `ha-NE`, kuma za ka iya sa ta a saman jerin burauzarka. Amma jerin roƙo ne kawai. Idan kamfanin bai tanadi takardun Hausa ko ma'aikaci mai jin Hausa ba, zai tsallake ta ya sauka kan harshe na gaba da yake da shi. Wannan ne ya sa abin da ke layi na biyu yake da matuƙar tasiri: wanda ya jera Hausa sannan Faransanci zai sami Faransanci, wanda ya jera Hausa sannan Turanci zai sami Turanci. Duk da haka ina ba da shawarar a sa Hausar a sama, domin kamfanin da ke duba alƙaluman masu ziyartar shafinsa ta nan yake iya gane cewa akwai masu neman Hausa, kuma abin takaici ne yadda miliyoyinmu muke bayyana a idonsu a matsayin masu Turanci ko Faransanci kawai.

Wasu kamfanonin kuma na'ura suke sa wa ta yi hasashen harshe daga rubutun kansa, sannan ta tura saƙon ga sashen da ya dace. Irin wannan hasashen yana buƙatar rubutu mai ɗan tsawo, kuma yana rikicewa da gajeren saƙo mai gauraye. Mutum ya rubuta sallama, ya sa sunan kaya da Turanci, ya ƙara kalmomi huɗu na Hausa a taƙaice irin na hira a waya, to na'urar ba ta da abin kamawa. Mu Sakkwatawa muna da ƙarin wahala, domin rubutun Hausa da aka horar da waɗannan na'urori da shi yawancinsa daidaitacciyar Hausa ce ta jaridu da rediyo. Wanda ya rubuta «mi ya hwaru da kayan nau» ya fi fuskantar haɗarin a kasa gane shi a kan wanda ya rubuta «me ya faru da kayana», ko da yake dukansu Hausa ce tsantsa. Idan za ka rubuta ƙorafi, ka yi cikakkun jimloli uku ko huɗu da daidaitacciyar Hausa, ka sa haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ta hanyar ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard. Wannan zai taimaki ma'aikacin da zai fassara saƙon ma, domin Google Translate yana da Hausa tun 2013, kuma ya fi ba da fassara mai ma'ana idan rubutun ya zo a tsare.

A saman saƙon, ka sa layi ɗaya da Turanci, tunda shi ne harshen da ka ga ma'aikacinsu ya amsa da shi: `Please reply in Hausa if possible, otherwise in English.` Ka biyo da lambar odarka da ranar da ka biya. Kuma idan ka gama gyara saitin, kada ka ci gaba da amsawa a ƙarƙashin tsohuwar wasiƙar Faransancin, domin ƙorafin da aka riga aka buɗe yakan riƙe harshen da aka yi masa rajista da shi da sashen da aka tura shi. Ka buɗe sabon ƙorafi, ka ambaci lambar tsohon a ciki, sannan ka duba amsar nan take da za ta fara shigowa. Idan ta zo da Turanci, gyaran ya kama. Idan har yanzu Faransanci ce, akwai sauran akwatin da ba ka taɓa ba, ko kuma harshen yana cikin bayanan da ma'aikatansu kaɗai ke iya sauyawa, sai ka roƙe su a cikin wannan saƙon su mayar da harshen asusunka Turanci daga ɓangarensu.